Farashin Zinare Iri Biyu: Na Gwanjon Landan da Na Kan Allo

A farkon watan Satumba na 2011 zinare ya yi tsadar da bai taɓa yin irinta ba kafin wannan lokaci. Sai dai in ka sami mutum biyu da suka san kasuwar ka tambaye su nawa ya kai, ba lallai bakinsu ya zo ɗaya ba. Wannan zai ce maka dala 1,895 kowace oza, wancan ya ce ai ya haura dala 1,920. Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu. Na farko yana maganar farashin da aka tsayar a Landan da yamma, wanda ake rubutawa a littafi a adana. Na biyu yana maganar lambar da ta gifta a kan allo na ɗan lokaci, aka yi ciniki a kusa da ita, sannan ta sauko.

Farashi biyu ke nan na kaya ɗaya a rana ɗaya. Yau kuma da waya ta shiga hannun kowa, mai shagon gwal da mai haƙo zinare da uwar da za ta sayi ɗan kunne don kayan lefe duk suna iya duba lamba su ce ga farashin duniya. Abin da mafi yawansu ba sa tsayawa su tambaya shi ne wace lamba ce suke kallo, wa ya fitar da ita, kuma da ƙarfe nawa.

Mu fara da lambar da aka fi gani, wadda ke motsi.

Lambar da ba ta zama wuri ɗaya

Zinaren da ake magana a kansa a babbar kasuwa da oza ake auna shi, kuma ozar zinare giram 31.1035 ce, ta ɗara ozar da ake auna sauran kaya da ita. Ainihin kayan kuwa tubalan zinare ne da ke ajiye a rumbunan Landan, kowanne kimanin oza 400, wato wajen kilo 12 da rabi, tsarkinsa bai gaza kashi 99.5 cikin 100 ba. Idan ka ga an rubuta XAU/USD a allon waya da lamba a gabansa, kuɗin oza ɗaya na irin wannan zinare ake nufi, da dalar Amurka, a miƙa shi a Landan bayan ranakun aiki 2.

Mutum zai ɗauka akwai wani babban zaure da ake yin wannan ciniki, mai shela ya riƙa faɗin farashi. Babu shi. Cinikin yana gudana ne kai tsaye tsakanin banki da banki, da tsakanin banki da abokin hulɗarsa, ta waya da na'ura. Kowane babban dillali yana fitar da nasa farashin, kuma kullum guda biyu yake fitarwa: wanda zai saya a hannunka da wanda zai sayar maka. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ɗan canji a Wapa ya san tsarin. Ka ce nawa dala, ya ce saya za ka yi ko sayarwa? Na kusa da shi ma yana da nasa biyun, sun ɗan bambanta kaɗan. Haka manyan dillalan zinare suke, sai dai nasu lambobin suna canzawa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda.

Kamfanonin da ke sayar da bayanan kasuwa su ne ke tattara waɗannan tayin daga dillalai daban-daban su haɗa su fitar da lamba ɗaya. Wani yana nuna tsakiyar farashin saye da na sayarwa, wani yana nuna na saye kaɗai, wani kuma sai bayan wasu mintoci yake nuna abin da ya riga ya wuce domin kyauta yake bayarwa. Shi ya sa abokai biyu za su zauna a benci ɗaya, kowa da wayarsa, lambobinsu su saɓa da dala ɗaya ko biyu. Akwai kuma wani ruɗanin da ya fi wannan. Wasu manhajojin farashin kasuwar COMEX ta New York suke nunawa, inda ake cinikin yarjejeniyar oza 100 da za a miƙa a wani wata mai zuwa. Wannan farashin yawanci ya ɗara na yau da 'yan daloli ko ma gommai, saboda an sa kuɗin jiran lokaci a ciki. Wanda bai lura ba sai ya ɗauka zinare ya tashi, alhali allon ne daban.

Babban abin lura game da wannan lamba shi ne tayi ce. Ba ta tabbatar da cewa an sayi wani abu a kanta ba, ba ta kuma faɗi yawan zinaren da mai tayin zai yarda ya karɓa ba. Dillalin da ya ce zai saya a dala 3,000 yana iya nufin oza 1,000 kawai. Ka zo masa da oza 50,000, nan take zai rage, domin ya san kafin ya rabu da kayan farashi ya sauko.

Amfaninta kuwa a fili yake: ba ta barci. Daga daren Lahadi zuwa daren Juma'a kasuwa tana bin rana, Asiya ta miƙa wa Landan, Landan ta miƙa wa New York. Labari ya fito da tsakar dare, kafin ka gama karanta kanunsa lambar ta motsa. Amma ranar Asabar da yinin Lahadi babbar kasuwa a rufe take. Abin da ke allonka a waɗannan ranaku ragowar daren Juma'a ne, ko da manhajar tana ƙyalƙyali kamar tana aiki.

Me ya sa aka nemi lamba guda

Ka ɗauki kamfanin haƙar zinare da ya yi yarjejeniya da wata matata a Suwizalan cewa zai riƙa kai mata kaya duk wata har shekara uku. A takardar dole a rubuta yadda za a biya. Idan aka rubuta farashin kasuwa na ranar da kaya suka isa, an shuka rigima. Na wane lokaci a ranar? Na allon wane kamfani? Na saye ko na sayarwa? Mai kaya zai zaɓi mintin da ya fi tsada, mai saye ya zaɓi wanda ya fi araha, kowa kuma da hujjarsa a hannu.

Abin da ɓangarorin biyu ke bukata shi ne lamba ɗaya, wadda ake fitarwa a sanannen lokaci, wadda babu ɗayansu da ya ƙirƙira ta, wadda kuma bayan shekara biyar alƙali zai iya dubawa ya same ta yadda take. Wannan shi ne farashin ma'auni. Manyan bankunan ƙasashe suna ƙiyasta darajar ajiyarsu da shi. Manyan asusun zuba jari na zinare, irin su SPDR Gold Shares, da farashin yamma na Landan suke lissafa darajar abin da suke riƙe da shi kowace rana. Masu binciken kuɗi da shi suke rufe littafin shekara.

Tarihinsa ya haura shekara ɗari. Ranar 12 ga Satumba, 1919, wakilan kamfanoni biyar suka tsayar da farashin farko a Landan, fam 4 da sule 18 da kwabo 9 kowace oza, daga baya suka riƙa zama a ofishin bankin N M Rothschild. Kowane wakili yana da 'yar ƙaramar tutar Birtaniya a kan teburinsa. Muddin tutar wani tana ɗage, shugaban zama ba shi da ikon cewa an tsayar, domin alama ce mai tutar bai gama magana da ofishinsa ba. An dakatar da zaman a 1939 saboda yaƙi, aka dawo da shi a 1954. A 1968 aka ƙara zama na biyu da yamma don ya dace da safiyar Amurka, aka kuma koma faɗin farashin da dala. Rothschild ya janye a 2004, zaman ya koma ta tarho. Daga 20 ga Maris, 2015 aka ajiye wancan tsohon tsari gaba ɗaya, aka maye gurbinsa da gwanjo na na'ura mai suna LBMA Gold Price, wanda kamfanin ICE Benchmark Administration ke gudanarwa, hukumar kula da harkokin kuɗi ta Birtaniya, FCA, tana sa ido.

Yadda gwanjon ke tafiya

Sau biyu ake yin sa a kowace ranar aiki, ƙarfe 10:30 na safe da ƙarfe 3:00 na yamma agogon Landan. Ga mu da ke Nijeriya da Nijar, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da nasu. Sauran watannin mun riga su da awa guda, sai ya zama 11:30 na safe da 4:00 na yamma a wajenmu.

Wannan gwanjo ba irin wanda ake ɗaga kaya a ce wa zai ƙara ba ne, wanda ya fi kowa tayi ya ɗauka. A nan mahalarta ba su faɗin farashi sam. Na'ura ce ke faɗin farashi, su kuma su amsa da yawan ozar da za su saya ko za su sayar a kan wannan farashin. Abin da ake nema shi ne lambar da masu saye da masu sayarwa za su yi kunnen doki.

Mahalarta kai tsaye ba su da yawa, goma sha wani abu ne, manyan bankuna da manyan 'yan kasuwar zinare. Amma a bayansu akwai ɗimbin abokan hulɗa: kamfanonin haƙa, matatu, masu ƙera kayan ado, masu asusun jari. Waɗannan suna ba da odarsu ta hannun bankunan.

Ga misali, da lambobin da na tsara don bayani kawai. A ce lokacin da za a fara, farashin kan allo yana yawo a wajen dala 3,000. Na'ura ta buɗe zagayen farko da dala 3,000 cif. Kowane zagaye daƙiƙa 30 ne, a cikinsu kowa na iya sa oda, ya canza ta, ko ya janye. Da lokaci ya cika aka rufe aka ƙirga, sai aka ga masu saye suna neman oza 95,000, masu sayarwa sun kawo 60,000. Giɓin oza 35,000 ne. Ƙa'ida ta ce sai giɓin bai wuce oza 10,000 ba, wato kimanin kilo 311, sannan a tsayar. Don haka ba a gama ba. Tunda masu saye sun fi yawa, na'ura ta ɗaga farashi.

Zagaye na biyu, dala 3,001 da senti 50. Wasu masu saye sun ga ya yi musu tsada sun rage, wasu masu kaya da suka noƙe sun fito. Saye 80,000, sayarwa 66,000. Giɓi ya koma 14,000, har yanzu ya wuce iyaka. Zagaye na uku, dala 3,002 da senti 25. Saye 74,000, sayarwa 70,000. Giɓi 4,000. An shiga cikin iyaka, gwanjo ya ƙare, kuma dala 3,002.25 ita ce farashin yammacin wannan rana. Duka-duka abin bai ci minti uku ba.

Abubuwa biyu ne ke faruwa a wannan lokaci, kuma su ne suka raba wannan lamba da ta kan allo. Na farko, duk odar da ke cikin zagayen ƙarshe ta zama ciniki na gaske, a kan farashi guda. Wanda ya sayi oza 200 da wanda ya sayi 20,000 kuɗi ɗaya suka biya kan kowace oza, kuma shi ne dai kuɗin da mai sayarwa ya karɓa. A cikin gwanjon babu farashin saye daban da na sayarwa daban, ko da yake banki yana iya ɗora wa abokin hulɗarsa ɗan lada a kai bisa abin da suka shirya tun farko. Na biyu, waccan oza 4,000 da masu saye suka nema ba a samu mai ba su ba, ba a barin ta a rataye. Raba ta ake yi daidai tsakanin mahalarta kai tsaye, har da wanda bai sa oda ba a ranar. In su 16 ne, kowa dole ya sayar da oza 250. Wannan ɗawainiya ita ce kuɗin kujerarsu a teburin.

A ganina ƙarfin farashin gwanjo yana nan ne: mutane sun sa dukiyarsu a kansa. Wanda yake ganin lambar da na'ura ta faɗa ta yi araha, hanyar nuna hakan ita ce ya saya, kuma in aka tsayar a nan sai ya biya.

Kada a ɗauka kasuwannin biyu ba sa ga-maciji. Yayin da gwanjon ke gudana, cinikin nan-take bai tsaya ba, kuma mutanen da ke cikin wannan su ne ke cikin wancan. Idan farashin gwanjo ya yi ƙasa da na allo da dala biyu, ɗan kasuwa zai saya a gwanjo ya sayar a waje ya ci ribar tsakani. Sayen da ya yi shi ne zai tura farashin gwanjon sama har su haɗu. Saboda haka a ranar da komai ke tafiya daidai, a daidai ƙarfe uku da 'yan mintoci, lambobin biyu kusan ɗaya suke. Bayan nan ne suke rabuwa, ɗaya ta daskare, ɗaya ta ci gaba da tafiya.

Senti 46

Duk lambar da aka rataya wa kuɗi masu yawa, wani zai so ya taɓa ta. Abin da ya faru ranar 28 ga Yuni, 2012 ya nuna yadda hakan ke yiwuwa, kuma hukumar FCA ta fitar da bayaninsa dalla-dalla.

Bankin Barclays, wanda yake ɗaya daga cikin biyar masu zaman tsayar da farashi a lokacin, ya sayar wa wani abokin hulɗarsa wata yarjejeniya mai sharaɗi. Sharaɗin shi ne, idan farashin yamma na wannan rana ya haura dala 1,558.96, bankin zai biya shi dala miliyan 3.9. Idan bai haura ba, ba ya samun ko kwabo. Babu tsaka-tsaki. Ma'aikacin da ke riƙe da wannan yarjejeniya a ɓangaren bankin, Daniel Plunkett, ya san cewa asusun da yake kula da shi zai ci riba idan farashin ya tsaya ƙasa da wannan layi.

Da aka fara zaman ƙarfe uku, farashin da ake gwadawa yana kai-komo a kusa da layin. Plunkett ya sa odar sayar da zinare mai yawa, tsakanin oza 40,000 da 60,000. Ka tuna yadda tsarin yake: in masu sayarwa suka rinjayi masu saye, farashi sauka yake yi. Ya janye odar, ya sake dawo da ita. A ƙarshe aka tsayar a dala 1,558.50, senti 46 ƙasa da layin. Abokin hulɗar ya tashi a tutar babu.

Mutumin bai yi shiru ba, ya nemi a yi masa bayani, aka yi bincike, daga baya bankin ya biya shi kuɗinsa. A watan Mayu na 2014 FCA ta ci Barclays tarar fam miliyan 26, ta ci Plunkett tarar fam 95,600, ta kuma haramta masa aikin. Laifin da aka kama bankin da shi shi ne ya bar ɗaki ɗaya yana sa oda a zaman tsayar da farashi yana kuma riƙe da yarjejeniyar da cin ta ko faɗuwarta ya dogara da sakamakon zaman.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi a wannan labari shi ne ƙanƙantar motsin da aka bukata. Babu mahalukin da zai iya danne farashin zinaren duniya na yini guda, kasuwar ta fi ƙarfinsa. Amma danne shi da rabin dala na minti biyar, a daidai mintocin da ake ɗaukar lambar da za a rubuta, wannan mai yiwuwa ne. Raunin farashin ma'auni daga ƙarfinsa ya fito: kowa ya san lokacin, kowa ya san wurin. Farashin kan allo ba shi da wannan matsalar sosai, domin ba shi da minti guda da ya fi sauran daraja.

Tsarin 2015 an gina shi ne don toshe wannan ƙofa. Mai gudanar da gwanjon yanzu ba ya cikin masu ciniki. Kowace oda tana da rikodin wanda ya sa ta da daƙiƙar da ya sa ta, an kuma raba odar banki ta ƙashin kansa da ta abokan hulɗarsa. Jimillar saye da sayarwa ta kowane zagaye ana wallafa ta. Wannan ya sa maguɗi ya yi wuyar ɓoyewa. Bai sa kwaɗayin yin sa ya gushe ba.

Akwai kuma wata matsalar da ba ta bukatar mugun nufi. Gwanjo yana aiki ne in akwai isassun mutanen da za su cike giɓi. A watan Afrilu na 2017, bayan wasu bankuna sun dakatar da shiga saboda wani sauyi a hanyar biyan kuɗin cinikin, an sami yammacin da farashin gwanjo ya tsaya kimanin dala 12 ƙasa da na allo. Masu sayarwa sun yi yawa, waɗanda za su saya su daidaita abin sun yi kaɗan, na'ura ta yi ta rage farashi zagaye bayan zagaye. Duk wanda yarjejeniyarsa ta ce farashin yamma na wannan rana, a kan wannan lambar aka biya shi. Alamar irin wannan rana ba ta da wuyar ganewa: zagaye ya yi yawa fiye da yadda aka saba, kuma lambar da aka tsayar ta yi nisa da abin da allo ke nunawa a daidai wannan mintin.

Idan lambar ta iso shago

Farashin gwanjo tsufa yake yi da wuri. Babban bankin Amurka yana sanar da shawararsa kan kuɗin ruwa da ƙarfe 2:00 na rana agogon New York, lokacin Landan ta yi ƙarfe bakwai na dare, awa huɗu bayan gwanjon yamma. Zinare na iya tashi ko faɗuwa da dala 30 ko 40 a wannan dare, amma farashin ma'auni na ranar yana nan yadda aka bar shi har sai 10:30 na washegari. Wanda zai sayi zinare da ƙarfe tara na dare ya ce a yi masa lissafi da farashin yamma, in kasuwa ta tashi babu mai sayar masa, in ta faɗi shi ne ya cutu.

Ga yadda lissafin yake in an sauko da shi zuwa giram. A ce oza dala 3,000 ce. Ka raba da 31.1035, giram ɗaya na zinare tsantsa ya kama dala 96.45. Zinare mai karat 21, wanda matanmu suka fi saye, kashi 87.5 cikin 100 ne zinare, saboda haka giram ɗinsa dala 84.40. Mai karat 18 kashi 75 ne, dala 72.34. In aka ɗauka ana canjin dala a naira 1,500, giram na karat 21 ya zama kimanin naira 126,600, kafin a sa kuɗin ƙira da na jigila da ribar mai shago.

Yanzu a ce tsakanin farashin gwanjon yamma da lambar allo ta dare akwai dala 20. A giram ɗaya bambancin senti 64 ne, bai kai naira dubu ba. Ga mai sayen zobe na giram biyar wannan ba abin ɗaga hankali ba ne, canjin dala da kuɗin ƙira sun fi shi tasiri nesa ba kusa ba. Amma ga dillalin da ke tara zinare daga wuraren haƙa a Zamfara ko Jado har ya haɗa kilo guda ya kai Dubai, wannan dala 20 ta zama dala 643, kusan naira miliyan ɗaya a kan wancan canjin. Sau da yawa ribarsa gaba ɗaya ba ta wuce haka da yawa ba. Idan ya saya da safe yana kallon allo, mai karɓa a can kuma ya biya shi da farashin gwanjon ranar da aka narka kayan aka gwada tsarkinsu, to ya saya da agogo ɗaya ya sayar da wani. Kwana biyu ko uku da ke tsakani, motsin kasuwa duk a wuyansa yake.

Ko wajen lissafin nisabin zakka, inda malamai da yawa ke ɗaukar giram 85 na zinare, wannan tambaya tana tasowa. Hukumar da za ta sanar wa jama'a adadi ta fi samun natsuwa da lambar da ke da rana da lokaci, wadda kowa zai iya komawa ya tantance, a kan lambar da ta canza kafin a gama buga sanarwar.

Landan ba ita kaɗai ke da irin wannan gwanjo ba. Tun watan Afrilu na 2016 kasuwar zinare ta Shanghai ke fitar da nata ma'aunin sau biyu a rana, da kuɗin yuwan, a kan giram, na tubalin kilo ɗaya da za a miƙa a cikin ƙasar Sin. Yakan ɗara na Landan in bukatar zinare ta yi yawa a can, yakan kuma yi ƙasa da shi in ta yi sanyi.

Saboda haka cewa farashin duniya a takardar ciniki bai wadatar ba, cinikin biri a sama ne. Takarda mai kyau takan ambaci sunan ma'aunin, ta faɗi na safe ne ko na yamma, ta faɗi na wace rana: ranar da aka auna kaya, ko ranar da sakamakon gwajin tsarki ya fito, ko matsakaicin dukan kwanakin watan, kamar yadda kamfanonin haƙa da yawa ke yi don kada rana ɗaya ta yanke musu hukunci. Takan kuma faɗi abin da za a yi in babu gwanjo a ranar. Ba a yin sa Asabar da Lahadi, ba a yin sa ranakun hutun bankunan Ingila, waɗanda ba su dace da namu ba, kuma a jajiberin Kirsimeti da jajiberin sabuwar shekara na safe kaɗai ake yi. Kayan da suka isa matata ranar 24 ga Disamba a kan yarjejeniyar da ta ce farashin yamma na ranar isowa, babu lambar da za a biya su da ita, sai dai in an riga an rubuta ko za a koma ga na safiyar ranar, ko na yammacin jiya, ko a jira ranar aiki ta gaba.